Cikon Bashi: Yadda Ake Yafe Shi a Rubuce Ba Tare da An Mai da Shi Sabo Ba

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)



Yau a kan ciko za mu tattauna. Duk mai ba da kaya bashi ya san shi: an biya kuɗi, an biya, an biya, sai ɗan abin da ya rage ya maƙale. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu. Kai kana jin nauyin tambaya, mai bashin yana jin kunyar haɗuwa da kai, har ya fara sauya hanya idan ya hango ka. Wata rana sai ka ce a ranka, wannan kuɗi dai na haƙura da shi. To, haƙura a zuci abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ka ɗauki waya za ka rubuta wa mutumin cewa ka haƙura, domin abin da ka rubuta shi zai nuna ko kun rabu da mutunci, ko ka yi asarar kuɗi da abokin ciniki a lokaci guda, ko kuma ka koya masa cewa a wurinka ba a cika kuɗi.

Bari in ba ku labarin yayata, wadda na zauna kusa da ita muka yi wannan aiki. Tana saro atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari, tana sayarwa a gida. A watan Janairu wata Hajiya, wadda suke zubin adashi tare, ta ɗauki kayan lefen ɗanta na naira 186,500. Ta tura 100,000 ta banki a ranar. Bayan mako biyu ta ba mai POS naira 50,000 ya tura, shi kuma ya cire ladan aikinsa na 500 daga ciki, saboda haka 49,500 ne suka iso. Daga baya ta aiko yaro da 32,500 a hannu. Idan kuka haɗa, abin da ya shigo hannun Yaya naira 182,000 ne, saura 4,500. Aka sha biki, aka watse, shiru kake ji har watan Mayu.

Kafin ma a zo ga rubutu, Yaya ta yi abin da ya kamata kowa ya fara yi. Ta buɗe littafinta, ta bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi 'yarta ko an taɓa aiko da wani abu ba ta nan. Kada ku raina wannan. Babu cin fuska kamar ka aika wa mutum cewa ka yafe masa bashin da shi ya san ya riga ya biya. A wannan binciken ne ma ta gano cewa lissafinsu ya sha bamban: a wurin Hajiya 4,000 ake bin ta, domin ita 50,000 ta san ta bayar, ba ruwanta da abin da mai POS ya cire.

Ga saƙon farko da Yaya ta rubuta, ta nuna mini kafin ta tura. Ku saurara:

"Salam Hajiya. Ɗan canjin nan da ya rage ki bar shi kawai, ba komai, ai mun zama ɗaya. Duk lokacin da kika samu ma babu damuwa."

Da daɗin ji, ko ba haka ba? Irin maganar da muke yi da baki kullum ce, ta kara da sanin ya kamata. Amma na ce mata, Yaya, tsaya mu bi shi a hankali.

Jimlar ƙarshe ita ce babbar matsala. Da farko an ce "ki bar shi", daga baya an ce "duk lokacin da kika samu". To, an yafe ne, ko an ɗaga lokaci ne? Waɗannan abubuwa biyu ne daban. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ma ta rarrabe su: akwai jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, akwai kuma bar masa gaba ɗaya a matsayin sadaka. Saƙon Yaya ya tsaya a tsakani. Hajiya za ta iya karanta shi ta ce alhamdu lillahi an yafe, Yaya kuma ta ci gaba da sa rai. Ko kuwa Yaya ta manta da zancen, Hajiya ta ci gaba da kwana da nauyin bashi a wuyanta, tana gudun haɗuwa a wurin adashi. Mun kuma san yadda muke ɗaukar bashi idan mutuwa ta zo: kafin a raba gado sai an tambayi wanda yake bin mamaci. Saƙo mai harshen damo irin wannan, magada ba za su san abin da za su yi da shi ba.

Sai kuma "ɗan canji". Da Yaya ta kira 4,500 ɗan canji, ta yi shelar cewa kuɗin da bai kai dubu biyar ba, a wurinta ba kuɗi ba ne. Alhali ribar da ta ci a wannan ciniki duka, bayan kuɗin mota da ɗan dako, ba ta wuce naira 15,000 ba. Ciko kuwa ba daga uwar kuɗi yake fita ba, tunda mai kaya a Kwari ya riga ya karɓi nasa cif. Daga riba yake fita. Wato abin da ta kira canji ya kusa kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ta samu. Mata goma su yi mata haka a shekara, 45,000 sun tafi.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe a kai, domin shi ne zuciyar shirin yau. Abin da ke mai da yafiya ta zama sabo shi ne dalilin da ka bayar. Mutum yakan riƙe dalili fiye da yadda yake riƙe adadin kuɗi. Idan ka ce ka yafe saboda kuɗin ba su da yawa, to ciko na gaba ma ba zai yi yawa ba, dalilinka yana nan daram. Idan ka ce saboda mun zama ɗaya, to watan gobe ma ɗaya kuke, baɗi ma haka, sai ranar da kuka ɓata. Duk ranar da ka nemi a cika maka kuɗi, za a ji kamar ka ce zumuncin ya ƙare. Idan ka ce saboda halin da ake ciki, wa ya san ranar da halin zai sauya? Ga shi kuma ka nuna wa mutum cewa ka ga gazawarsa, abin da babu mai so a rubuta masa. Duk waɗannan dalilai suna da tsawon rai. Dalilin da kake nema shi ne wanda zai mutu tare da lissafin: na yafe ne domin in rufe lissafin wannan kaya. Da an rufe, dalilin ya ƙare, babu abin da za a ɗauko a kafa hujja da shi gobe.

Da na gama yi wa Yaya wannan bayani sai abin ya motsa mata rai, ta tuna sau nawa ta kira waya ba a ɗauka ba. Ta goge na farko, ta rubuta na biyu da zafinta:

"Hajiya, tunda wata huɗu ke nan ina bibiya kin kasa biya, na yafe miki 4,500 ɗin saboda Allah. Amma wannan ne na farko kuma na ƙarshe, don Allah kada a sake."

Gaskiya wannan ya fi na farko fayyace magana. Ya faɗi adadi, ya ce an yafe, ya toshe ƙofar gaba. Sai dai gori ne tsagwaronsa. "Kin kasa biya" tuhuma ce. "Kada a sake" kuwa yaro ake gaya wa haka, ba matar da ta aurar da ɗa ba. Malamanmu suna yawan jan kunne da aya ta 264 a wannan sura ta Baƙara, wadda ta yi gargaɗi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ko a lissafin kasuwa ma faɗuwa ce: kin bar 4,500, kin kuma kori matar da ke da sauran 'ya'ya uku da ba su yi aure ba. Wanda zai rubuta irin wannan, gara ya nemi kuɗinsa kai tsaye cikin ladabi, ya fi masa.

Ku lura da wani ɗan abu a nan, na harshe. Kalmar yafe tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa: ana yafe bashi, ana yafe laifi. Idan ka rubuta "na yafe miki", kunne yakan fara jin laifi. Idan ka rubuta "cikon nan na yafe shi", yafiyar ta faɗa a kan kuɗin, mutumin ya tsira da mutuncinsa. Bambancin kalma ɗaya ne, amma wadda aka aika wa za ta ji shi a jikinta.

Muka bar wayar, muka yi sallar la'asar, muka sha ruwa. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi, domin ko ka goge wataƙila an riga an karanta. Da rai ya kwanta, ga abin da muka tsara, shi ne kuma ta tura:

"Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni? Da fatan ango da amarya suna lafiya. Na zauna rufe lissafin kayan lefen da kika ɗauka a watan Janairu, na naira 186,500. Abin da ya shigo mini 182,000 ne, saura 4,500 a littafina. Wannan cikon na yafe shi, na kuma soke shi, domin in rufe lissafin kayan. Babu sauran ko kwabo tsakaninmu a kansu, ba sai kin aiko da komai ba. Na gode ƙwarai da ciniki, Allah ya bar zumunci. Idan wata hidimar ta taso ina nan, sai mu buɗe sabon shafi, mu yanka farashi da ranar cika kuɗi."

Bari in sake karanta muku tsakiyarsa, don masu rubutawa. "Saura 4,500 a littafina. Wannan cikon na yafe shi, na kuma soke shi, domin in rufe lissafin kayan. Babu sauran ko kwabo tsakaninmu a kansu."

Me ya sa muka ce "a littafina"? Saboda naira 500 ɗin nan na mai POS. Da Yaya ta ce "ana bin ki 4,500", da Hajiya ta ce a'a, 4,000 ne, sai a shiga musu a kan kuɗin da an riga an bari. "A littafina" ta faɗi lissafin Yaya ba tare da ta ƙaryata na Hajiya ba, sannan "babu sauran ko kwabo" ta share duka biyun. Me ya sa muka ce "a kansu"? Domin yafiyar ta tsaya a kan kayan lefen Janairu kaɗai. Da akwai wani bashin daban, na mayafi ko na turare, bai shiga ciki ba. Wanda ya rubuta "ba na bin ki komai" haka kawai, alhali akwai wani shafin a buɗe, ya yafe abin da bai yi niyya ba. Wannan ba zancen wasa ba ne ko a gaban alƙali, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta shekarar 2011 ya ba da damar karɓar bayanan da suka fito daga na'ura a matsayin shaida idan an cika sharuɗɗansa, saƙon waya kuwa yana cikin irinsu. Abin da ka rubuta zai iya tsaya maka, zai kuma iya tsayawa a kanka.

Jimlar ƙarshe ce ta fi ba mu wahala. Da farko Yaya ta rubuta "sai mu yi kamar yadda muka saba". Na ce mata, Yaya, me kuka saba? Abin da kuka saba yanzu ai shi ne a biya a bar ciko. Ta yi dariya, ta goge. Sai ta ce to a sa "amma wannan karon ne kawai". Ana iya sa wannan idan da kamfani ko ma'aikata ake hulɗa, inda takarda ke magana da takarda. Can ma gara a rubuta ƙarara cewa rangwamen na wannan lissafi ne kaɗai, bai sauya sharuɗɗan biya na gaba ba. Amma tsakanin mata biyu da ke zama tabarma ɗaya a wurin biki, kalmar "amma" bayan kyauta tana kwashe rabin kyautar. "Sabon shafi" da "ranar cika kuɗi" sun isar da saƙon. Mai hankali ta ji cewa ciniki na gaba cikakken kuɗi ne, ba kuma a nuna ta da yatsa ba.

Akwai kuma abin da muka bari da gangan. Ba mu ambaci wata huɗu ba, ba mu ambaci kiran da ba a ɗauka ba. Ba mu sa sharaɗi ba, irin "na bar miki idan za ki dawo ki sayi kayan sallah a wurina". Wannan ba yafiya ba ce, ciniki ne, kuma lissafin bai rufu ba ke nan. Ba mu ce "kada ki gaya wa kowa" ba. A ganina wannan jimla ita ce ta fi saurin yaɗa magana, tana kuma nuna cewa akwai wata alfarma ta ɓoye da wasu za su iya nema. Ku ɗauka kawai cewa duk saƙon da kuka tura ta WhatsApp, wata rana za a nuna wa wani. Ku rubuta shi yadda ko duk matan adashi sun karanta, babu wadda za ta samu abin kamawa ta ce ni ma a yi mini.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake rubuta saƙon yafe cikon bashi.

To, an tura saƙo, saura littafi. Kada a rubuta "ta biya", domin ba ta biya ba, kuma ƙarshen shekara lissafin riba zai yi ƙarya. Yaya ta rubuta a gaban sunan: an karɓi 182,000, an yafe 4,500, ga kwanan wata, sannan ta ja layi. Amfanin wannan shi ne, idan ta waiwaya bayan wata shida za ta ga nawa ta yafe gaba ɗaya, da kuma ko suna ɗaya ne yake ta maimaituwa. Wani tsokaci kuma: kada mutum ya ce zai lissafa cikon da ya yafe a cikin zakkarsa. Akasarin malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, ba su yarda bashin da aka yafe wa wanda ya gaza biya ya tsaya a madadin zakka ba.

Sannan ba kowa ke da ikon yafewa ba. Yaron shago ba zai yafe kuɗin maigidansa ba, ko naira 200 ne, sai da izini. Idan jarin na haɗin gwiwa ne, sai abokin tarayya ya sani, ko kuwa ka cike daga rabonka. Uwar adashi ba ta da hurumin yafe zubin da wata ta gaza, tunda kuɗin na mai kwasa ne. A irin wannan hali saƙon yakan ɗan sauya, a ce "Alhaji ya amince a rufe lissafin", don a san daga inda izinin ya fito, kada gobe a tsare yaro a ce ya yi yadda ya yi jiya.

Idan wanda ake bi babba ne, sa'ar mahaifiya ko mahaifi, rubutu shi kaɗai yakan yi tsauri. A fara kira, a gaisa, a faɗa da baki, sannan a ce, "Baba, zan turo maka a rubuce don lissafi ya zauna daidai." Wanda ba ya karatu a aika masa da murya, amma a faɗi abubuwan nan dai: wane kaya, nawa ne, an yafe, an rufe. Lokacin turawa ma a lura da shi. Kada a yafe tsohon ciko a ranar da ake cinikin sabon kaya, domin nan take zai rikiɗe ya zama ragi, a riƙa sa shi cikin tayi.

Yaya za ka gane cewa saƙonka bai yi aiki ba? Alamar farko, biyan mutumin na gaba ya zo a guntule: kaya na 63,000, ya turo 60,000 ya yi shiru. Ko wani daban ya zo yana cewa ai na ji an bar wa wance. Waɗannan suna nuna an ɗauke shi sabo. Idan kuwa mutumin ya ɓace, ya daina ko gaisuwa, to ya ji gori a ciki. Gaskiyar da ba ta da daɗi kuma ita ce, iya tsara magana ba ya ceton wanda ya yafe wa mutum ɗaya sau biyu a jere. A karo na biyu ka riga ka sauke farashinka ne, ko me ka rubuta.

Ita Hajiya, bayan kamar awa ɗaya ta amsa da godiya da addu'a, ta ce wallahi kunya ce ta hana ta ɗaukar waya, za ta aiko da kuɗin gobe. Yaya ta ce, "Haba Hajiya, an riga an ja layi, ki bar shi." Sau ɗaya ta faɗa. Na gaya mata idan Hajiya ta dage ta aiko, ta karɓa ta yi godiya, domin wani biyan ne yake sauke masa nauyi, ba kyau a hana shi. Ba ta aiko ba, maganar ta mutu a nan.

Gab da babbar sallah sai ga Hajiya da kanta, tana son atamfa turmi uku, kuɗinsu 63,000. Yaya ta buɗe sabon shafi a gabanta, ta rubuta. Hajiya ta ajiye 40,000, ta ce, "Sauran fa?" Yaya ta ce, "Saura 23,000, Hajiya. Wace rana zan rubuta?" Ta ce ranar da za ta kwashi adashi, 5 ga wata. Yaya ta rubuta kwanan watan, ta ƙara da cewa, "Idan ta hannun mai POS ne, a ba shi ladansa daban, don su iso cif." Ranar 5 ga wata da yamma saƙon banki ya shigo, 23,000.

A nan za mu dakata, masu sauraro. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)